Maki 39 a Lusail: Yadda Ake Lissafin Ƙarfin Ƙungiya Bayan Kowane Wasa

Ranar 22 ga Nuwamba, 2022, a filin wasa na Lusail da ke ƙasar Qatar, Ajantina ta shiga wasanta na farko a Gasar Kofin Duniya tana ɗauke da tarihin wasa 36 a jere ba a doke ta ba. Minti goma da take wasa Lionel Messi ya ci da bugun fenariti, kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Ana dawowa daga hutun rabin lokaci sai Saleh Al-Shehri ya farke wa Saudiyya, kafin a farga Salem Al-Dawsari ya ƙara ta biyu. Aka tashi biyu da ɗaya.

A teburin rukuni Saudiyya ta samu maki uku, wannan kowa ya sani. Amma akwai wani lissafin da 'yan kallo ba sa gani, na jadawalin ƙasashe da hukumar FIFA ke fitarwa. A can, wannan wasa ɗaya ya ƙara wa Saudiyya maki kusan 39, ya kuma zabtare wa Ajantina daidai wannan adadi. Da Ajantina ce ta ci, maki 11 kacal za ta samu. Fili ɗaya, minti casa'in ɗaya, amma ladan wani ya ninka na wani fiye da sau uku. Ba son kai ba ne. Akwai ƙa'ida a ƙarƙashinsa, kuma wanda ya gane ta ya gane yadda ake auna 'yan wasan ces, da ƙungiyoyin ƙwallo, da masu buga wasanni a waya.

Ƙa'idar ba a filin ƙwallo aka haife ta ba. Wanda ya tsara ta shi ne Arpad Elo, haifaffen ƙasar Hungary a 1903, wanda ya tashi a Amurka ya koyar da kimiyyar fiziks a Jami'ar Marquette da ke birnin Milwaukee. Gwanin wasan ces ne, kuma hukumar ces ta Amurka ta karɓi tsarinsa a 1960, hukumar ces ta duniya, FIDE, ta bi baya a 1970. FIFA ta daɗe tana amfani da irin wannan tsari a jadawalin mata, tun 2003, amma na maza sai a watan Agustan 2018 ta koma gare shi.

Tunanin Elo mai sauƙi ne. Makin da ke gaban sunan ɗan wasa ba ladan ayyukan da ya yi a baya ba ne da ake tara masa kamar kuɗin asusu. Hasashe ne. Kafin a fara wasa, ana duba tazarar da ke tsakanin makin mutum biyu a ce: bisa wannan tazara, ga rabon da ake sa ran kowa zai samu. Bayan an tashi sai a kwatanta abin da ya faru da abin da aka yi tsammani. Wanda ya yi fiye da tsammani a ƙara masa, wanda ya gaza a rage masa, kuma yawan abin da ake ƙarawa ko ragewa ya danganta da girman mamakin da aka sha. Masu kallon dambe sun san wannan ba tare da alƙalami ba: shago ya kashe sabon yaro ba labari ba ne, amma ranar da yaron ya kai shago ƙasa, daga ranar sunansa ya sauya a bakin makaɗa.

Bari mu bi lissafin wasan Lusail daki-daki. A jadawalin da FIFA ta fitar a watan Oktoban 2022, na ƙarshe kafin gasar, Ajantina ce ta uku a duniya da maki kusan 1774, Saudiyya kuma ta 51 da kusan 1438. Wasannin sada zumunta da suka buga kafin gasar sun ɗan motsa alƙaluman, amma ba yadda za su sauya labarin ba. Tazarar ke nan maki 336.

Matakin farko shi ne a mayar da tazarar ta zama hasashe. A tsarin FIFA, duk tazarar maki 600 na nufin ana sa ran babba zai samu ninki goma na abin da ƙarami zai samu. Tazarar sifili na nufin raba daidai. Tazarar 336 ta faɗo a tsakani, kuma idan aka lissafa tana ba da wajen uku da rabi bisa ɗaya. Wato idan aka kasa sakamakon kashi ɗari, Ajantina na da 78, Saudiyya na da 22. Ga yadda FIFA ta rubuta ƙa'idar, ga mai son ya gwada da kansa:

```
We = 1 / (10^(-dr/600) + 1)
P = Pbefore + I * (W - We)
```

A nan dr ita ce tazarar maki tsakaninka da abokin karawa, We shi ne rabon da ake tsammani, W shi ne abin da ka samu a zahiri, I kuma nauyin wasan. Wanda lissafi ke sa wa ciwon kai zai iya tsallake layukan nan biyu bai yi asarar komai ba, domin abin da suke faɗa shi ne wanda za mu bi da baki yanzu.

Mataki na biyu, sakamako. Nasara ana ƙirga ta 1, canjaras rabi, rashin nasara sifili. Saudiyya ta ci, ta samu 1, alhali 0.22 ake tsammani daga gare ta. Rarar ita ce 0.78. Ajantina ta samu sifili alhali ana jiran 0.78, giɓinta ke nan 0.78.

Mataki na uku, a ninka wannan rara ko giɓi da nauyin wasan. Wasan rukuni a Kofin Duniya nauyinsa 50 ne. Hamsin sau 0.78 ya ba da 39. Ga inda makin ya fito.

Yanzu a juya sakamakon a gani. Da Ajantina ta ci, rararta 0.22 ce kawai, sau 50 ya zama 11. Da an tashi kunnen doki fa? Nan ne mutane da yawa ke mamaki. Canjaras rabi ne ga kowa, amma rabi ya fi 0.22 da ake tsammani daga Saudiyya, ya kuma gaza 0.78 da ake jira daga Ajantina. Saboda haka Saudiyya za ta samu kusan 14, Ajantina ta rasa kusan 14, duk da ba a ci ta ba. A wannan tsari babu wani abu wai shi an tashi babu kare bin damo, sai idan ƙarfin ya zo daidai wa daida.

Mai karatu zai iya cewa an zalunci babba: idan ya ci a ba shi 11, idan aka ci shi a cire masa 39. Amma a ɗauka ƙasashen biyu sun kara sau ɗari babu canjaras, hasashen kuma ya tabbata, Ajantina ta ci 78 aka ci ta 22. Abin da ta tara shi ne 78 sau 11, wato 858. Abin da ta zubar shi ne 22 sau 39, shi ma 858. Ta koma inda take. Wannan shi ne kyan tsarin: idan makinka ya dace da ainihin ƙarfinka, zai riƙa hawa da sauka a kusa da wuri ɗaya. Ba ya tafiya sama a kai a kai sai idan kana yin fiye da yadda ake zato, wato lambar da aka ba ka ta yi maka kaɗan.

To mene ne ainihin ma'anar wannan 78? A nan ne ake yawan yin kuskure, har a bakin masu sharhi. Ba ta nufin Ajantina za ta ci wasa 78 cikin ɗari. Tana nufin za ta kwashe kashi 78 na makin da ake rabawa, inda kowane canjaras ke ba ta rabi. Nasara 78 da rashin nasara 22 ya ba da 78. Nasara 68, canjaras 20, rashin nasara 12 shi ma ya ba da 78. Ƙa'idar ba ta bambanta waɗannan biyun, kuma ba ta faɗin sau nawa za a tashi kunnen doki. A wasan da canjaras ya yi yawa, kamar ƙwallon ƙafa ko ces na manyan gwanaye, damar babba ya ci wasan kai tsaye ƙasa take da lambar da hasashen ya nuna. Haka ma damar ƙarami ya yi nasara ƙasa take da 22, tunda wani ɓangare na rabonsa daga canjaras yake zuwa.

Ko da haka, abin da ke iya faruwa sau ɗaya cikin takwas ko goma ba mu'ujiza ba ce. A gasar da ake buga wasa 64, kamar ta Qatar, da ba a ga irin wannan ko sau ɗaya ba, shi ne zai zama abin mamaki. Mu 'yan kallo ne muke jin kashi 78 kamar tabbas, lissafin bai taɓa yin wannan alkawari ba.

Kuma a lura da abin da tsarin ya yi bayan wasan. Bai ce Saudiyya ta fi Ajantina ba. An cire 39 nan an ƙara 39 can, tazarar ta ragu da 78, ta sauko daga 336 zuwa wajen 258. Da za a sake karawa washegari, hasashen zai ba Ajantina kashi 73. Tsarin ya ji labarin, ya ɗan gyara ra'ayinsa, bai watsar da abin da shekaru suka nuna masa saboda yammaci ɗaya ba. Makonni huɗu bayan haka Ajantina ta ɗaga kofin, Saudiyya kuwa ko rukuni ba ta fita ba.

Tazara iri ɗaya ba ta da ma'ana ɗaya a ko'ina, wannan ma wajibi ne a riƙe. A ces, inda FIFA ta sa 600, 400 ake sawa. Can tazarar 100 na ba babba kashi 64, tazarar 200 kashi 76, tazarar 400 kashi 91. A jadawalin FIFA tazarar 100 na ba da kusan kashi 60 ne kawai, sai ta kai 300 kafin a samu 76, sai 600 kafin 91. Abin da ya haɗa su shi ne tazarar kaɗai ke aiki, ba girman lambar ba. Mai 1500 a gaban mai 1300 daidai yake da mai 2700 a gaban mai 2500. Kuma ƙarin tazara yana rage tasiri yayin da take faɗaɗa: ɗari na farko a ces ya ɗaga hasashe daga 50 zuwa 64, amma daga 300 zuwa 400 abin da ake ƙarawa wajen shida ne. Komai nisan tazara hasashen ba ya cika ɗari.

Tarihin ces na da misalin da ya nuna tsananin wannan lissafi. A 1972 a birnin Reykjavik, Bobby Fischer ɗan Amurka ya ƙalubalanci Boris Spassky na Tarayyar Soviet, wanda ke riƙe da kambun duniya. Fischer na da maki 2785, Spassky 2660. Tazarar 125 na nufin ana jiran Fischer ya kwashe kusan biyu bisa uku na makin. Sun buga wasa ashirin a kan allo, ban da guda ɗaya da aka ba Spassky saboda Fischer ya ƙi zuwa. Biyu bisa uku na ashirin ya ɗan haura 13. Fischer ya samu 12 da rabi. Ya zama zakaran duniya, kuma makinsa ya sauko zuwa 2780. Ya ci kambu, amma bai ci da ratar da lambarsa ta yi alkawari ba.

Saura maganar nauyi, wadda a ganina ita ce inda hannun mutum ya fi shiga cikin lissafin. Nauyi shi ke yanke yawan motsin da wasa ɗaya zai jawo. Idan ya yi yawa, maki zai riƙa tsalle da kowace sa'a ko rashinta. Idan ya yi kaɗan, ɗan wasan da ya ƙware zai daɗe ana masa kallon ɗan koyo. FIDE ta warware wannan ta duba ɗan wasan kansa. Sabon shiga nauyinsa 40 ne har ya cika wasa 30, domin ba a san shi ba tukuna, ana so ya isa matsayinsa da wuri. Daga nan ya koma 20. Wanda ya taɓa kaiwa 2400 kuwa nauyinsa 10 ne, domin an daɗe ana auna shi. Shi ya sa a saman jadawalin ces maki ke tafiyar hawainiya, kuma 2882 da Magnus Carlsen ya kai a 2014 ya zama abin da ake ta ambato.

FIFA kuwa wasan take dubawa, ba ƙungiyar ba. Wasan sada zumunta a ranakun da hukumar ta ware nauyinsa 10, wanda aka buga a wajensu 5. Wasan neman gurbi 25. A gasar nahiya kamar Kofin Afirka, 35 ne kafin zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe, daga nan 40. A Kofin Duniya 50, daga wannan zagaye zuwa ƙarshe 60. Da a wasan sada zumunta Saudiyya ta doke Ajantina, abin da za ta samu bai kai takwas ba. Akwai hikima a ciki, tunda a sada zumunta masu horarwa kan gwada sababbin yara. Sai dai sakamakonsa shi ne wata guda na gasa ya fi shekara guda ta sauran wasanni tasiri. Maroko ta shiga gasar Qatar tana ta 22 a duniya ta fito tana ta 11.

FIFA ta kuma ƙara wasu ƙa'idoji biyu da Elo bai san da su ba. Na farko, idan wasa ya kai ga bugun fenariti, wanda ya ci ana ba shi 0.75 maimakon 1, wanda aka fitar kuma 0.5, kamar ya yi canjaras. Na biyu, a zagayen sili ɗaya ƙwale na babbar gasa ba a rage wa kowa maki: wanda ya ci ya karɓi nasa, wanda aka fitar ya tafi da abin da ya zo da shi. Najeriya ta ci gajiyar wannan a Kofin Afirka da aka kammala a Abidjan a watan Fabrairun 2024. Mai masaukin baƙi ta doke ta biyu da ɗaya a wasan ƙarshe, ba a cire mata komai ba, ta kuma tashi daga ta 42 zuwa ta 28 a duniya. Dalilin ƙa'idar a fili yake, ba a son ƙasar da ta yi ƙoƙari ta kai nesa ta koma ƙasa da wadda ta tsaya a rukuni. Amma tana da farashi. A tsarin asali abin da wani ya samu shi wani ya rasa. A nan ana ƙirƙiro maki daga babu, kuma yana taruwa ne a hannun ƙasashen da suka saba kaiwa wannan zagaye.

Waɗannan ƙa'idoji su ne suka haifar da abin da ya ɗaure wa mutane kai a ƙarshen 2022. Ajantina ta ɗaga kofi ranar 18 ga Disamba, amma jadawalin da ya biyo baya ya bar Brazil a kan gaba, da ratar da ba ta kai maki uku ba, alhali Brazil a zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe aka sallamo ta. A bi lissafin. Kuroshiya ta fitar da Brazil ne da fenariti, kuma a zagayen da ba a rage maki. Ajantina kuwa ta fara da zubar da 39, sannan wasanninta biyu masu nauyin 60, da Holan da Faransa, duk da fenariti ta ci su. Kowanne ya sa ta rasa rubu'in 60, wato maki 15. Da ta ci ko ɗaya daga ciki kafin a kai ga fenariti, da ita ce ta ɗaya. Sai a watan Afrilun 2023 ta hau.

Akwai kuma abin da jadawalin maza na FIFA ba ya gani sam. Bai san yawan ƙwallaye ba, ɗaya da nema da biyar da nema duk ɗaya ne a wurinsa. Bai san wa ke gida wa ke waje ba, duk da kowa ya san zuwa gidan wani a Afirka ba ƙaramin aiki ba ne. Bai san an ji wa ɗan wasan gaba rauni ko an sauya mai horarwa ba, sai bayan sakamako ya nuna. Don haka idan ƙungiya ta sauya farat ɗaya, lambarta kan biyo ta a baya da jinkiri. Alamar hakan ita ce ka ga ƙungiya tana ta ƙaruwa wasa bayan wasa ba tare da komawa baya ba, ma'ana lambar ba ta riske ta ba tukuna.

Rauni mafi zurfi shi ne maki yana auna ka ne da waɗanda kake karawa da su kawai. A Amurka an yi wani fursuna, Claude Bloodgood, da ke buga ces da 'yan uwansa fursunoni a jihar Virginia. Yana cin su, su kuma suna kawo sabon maki cikin da'irar, har makinsa ya haura 2700 a tsakiyar shekarun 1990, ya shiga sahun farko na jadawalin ƙasar, alhali bai kara da manyan gwanayen da ya tsallake ba. Lissafin bai yi kuskure ba, da'irar ce a rufe. Ƙwallon ƙasashe na da ɗan kason wannan matsala. Ƙasashen Afirka da junansu suka fi karawa, haka na Asiya, haka na Turai, kuma maki ba ya ƙetare nahiya sai ta ƙananan ƙofofi: wasannin sada zumunta masu nauyin 10 da Kofin Duniya da ke zuwa bayan shekara huɗu. Saboda haka tazarar 100 tsakanin Najeriya da Ghana ta fi zama abin dogaro a kan tazarar 100 tsakanin Najeriya da wata ƙasar Turai ko Asiya da ba su da abokan karawa ɗaya.

Wannan tambaya ta yawan yarda da lamba ita ce Mark Glickman, masanin ƙididdiga ɗan Amurka, ya ɗauka a 1995 da tsarinsa mai suna Glicko, wanda shafukan ces irin su Chess.com da Lichess ke amfani da nau'o'insa. Shi yana ajiye lamba biyu ga kowane ɗan wasa: makinsa, da girman shakkar da ake da ita a kan makin. Sabon shiga, ko wanda ya daɗe bai buga ba, shakkarsa babba ce, wasa ɗaya na iya motsa shi da maki ɗari ko fiye. Wanda ke bugawa kullum shakkarsa ƙarama ce, 'yan maki kaɗan yake motsawa. Idan kuma ka doke wanda ba a tabbatar da ƙarfinsa ba, ladanka bai kai na doke wanda aka daɗe ana aunawa ba, ko da lambarsu ɗaya ce.